Ranar da na je ba Hajiya haƙuri kan kuɗin haya

Shekara tara ke nan ina shugabancin asusunmu a nan Maraɗi, kuma duk wadda ta zauna a tabarmarmu ta san maganata in mace ta ce biyan bashinta zai yi jinkiri: "Faɗi rana." Ba na karɓar "in Allah ya hore" shi kaɗai. To, a watan Nuwamban da ya wuce ni ce aka ce wa in faɗi rana, kuma sai da na yi kwana huɗu ina ɓuya kafin in iya buɗe baki.

Ɗaki biyu muke haya, jika 20 a wata, ana biya ran 5. Ni da maigida muke rabawa, shi jika 10 daga kabu-kabu, ni jika 10 daga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ran 1 ga wata kuɗin sun cika, suna ɗaure a cikin kwalla. Daren Lahadi 2 ga wata yaronmu mai shekara 14, wanda ya kusa sati biyu yana zazzaɓi muna ta ba shi maganin masassara na ɗan tebur, ya soma amai, cikinsa ya taurare kamar allo, ko taɓawa ba ya bari a yi. Muka kai shi likita a cikin daren. Suka ce taifot ce ta huda hanji, sai an yi aiki. Da safe aka shiga da shi.

Cikin satin nan jika 85 suka fita: takardun magani, ƙarin ruwa, gwaji, kayan wankin rauni. Jika 20 na haya su ne na farko da na kwance, ban ko tsaya tunani ba, kuma ko yau abin ya sake faruwa su zan fara kwancewa. Sai jarina jika 40, sai jika 15 da maigida ya ranto wajen abokan aikinsa, sai jika 10 da ƙungiya ta ba ni ran Alhamis daga asusun taimako, wanda muke zuba dala biyar-biyar saboda irin wannan rana.

Laifina daga ran 5 ya fara. Mai gidanmu Hajiya ce, tsohuwa, mijinta ya rasu, tana zaune a sashen gaba, ƙofarta na kallon zaure. In na dawo daga likita ɗaukar kaya sai in jira har ta shiga salla, in wuce da sauri. Na ce wa kaina ai ta ji labari, za ta gane. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, ni da nake cin wasu tara in sun makara. Ran 8 maƙwabciyata ta ja ni gefe ta ce ɗan Hajiya ya zo, ta ji yana cewa akwai wani ma'aikaci da ke neman ɗaki biyu, zai ba da na wata uku a dunƙule. Ba mu da wata takarda tsakaninmu da Hajiya, da baki muka shiga gidan. Na tuna yaro kwance da ɗinki a ciki, na ce ina zan kai shi in an sallame mu?

Daren nan na ɗauki littafin da nake rubuta cinikina, na zauna a bakin gadon yaron. Abin da ya fara zuwa mani shi ne in ce mata "nan da sati guda", don ya fi daɗin ji. Da na tambayi kaina daga ina kuɗin sati gudan za su fito, babu amsa. Sai na rubuta duk inda nake sa ran kuɗi.

A hannu akwai jika 7, kuɗin dubiya da ƴan'uwa suka ajiye. Ƙanena da ke Agadas ya kira ya ce zai aiko da wani abu. Na rubuta, sannan na soke. Yana da niyya, amma bai faɗi nawa ba, bai faɗi yaushe ba, kuma ban da ikon in yi wa Hajiya alkawari da aljihun wani. Akwai ranar ba da bashi a asusunmu, Alhamis 13 ga wata. Wata ta ce mani tun da ni ce shugaba a buɗe mani akwati kafin ranar. Akwatin kwaɗo uku gare shi, makullai suna hannun mata uku, ba a buɗe shi sai gaban kowa. In na karya wannan don kaina, da wane baki zan hana wata gobe? Kuma ko ranar ta zo, ban so in ci bashin don in biya haya. Kuɗin haya ba su haihuwa. Bashin jika 30 na wata uku, riba jika 3 duk sati huɗu, in na miƙa wa Hajiya su na rage ba jari, ba abin biyan bashi, ga wani wata na tafe. Bashin na gyaɗa ne, don lokacin kaka ce, tiya tana da sauƙi.

Abin da ya rage shi ne adashinmu na unguwa: mu goma, jika 2 kowace Lahadi. Kwasata sai 21 ga Disamba. Da safe na je wajen wadda za ta kwasa ran 23 ga Nuwamba, na roƙe ta mu yi musaya. Kayan ɗakin ƴarta take tarawa, bikin kuwa da saura, ta yarda a gaban uwar adashi. A nan ma akwai wurin da mutum ke ruɗin kansa. Ana cewa kwasa jika 20 ce, amma jika 2 daga ciki nawa ne, na wasu jika 18 ne. Kuma duk wadda ta taɓa adashi ta san ba kullum yake cika ranar Lahadin ba. Saboda haka ban rubuta 23 ba. Na ƙara kwana biyu, na rubuta Talata 25.

Ina rufe littafin sai na tuna da abin da ya fi kayar da mata a asusunmu. Mace ta biya tsohon bashi da ƙyar, ta manta sabo yana bayan ƙofa. In na biya ran 25, kwana goma kawai ya rage 5 ga Disamba. Maigida na biyan nasa rancen, ni kuma gyaɗar da zan saya bayan 13 ga wata sati uku kawai za ta yi tana juyawa, ga zubin adashi, ga abincin maras lafiya. Na ga ran 5 ba za ta yiwu ba. Gara in faɗa yanzu, a zama ɗaya, da in sake komawa da wani haƙurin.

Ran Lahadi 9 ga wata bayan la'asar na yi sallama. Maigida ya ce in je, ni na san bakinta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, tana jan casbi. Na ce: "Hajiya, na zo ba ki haƙuri. Kuɗin haya sun cika tun ran 1, na kashe su a kan aikin da aka yi wa jikanki. Ya kamata in zo in gaya maki tun ran 5, ban zo ba, na yi ta wuce ki. Wannan laifina ne, ki yafe mani. Ga jika 5. Sauran jika 15 zan kawo ran Talata 25 ga wannan wata da safe, in sha Allahu, daga kwasar adashi. Na Disamba ina roƙon ki ɗaga mani zuwa ran 15. Daga Janairu mu koma ran 5 yadda muka saba."

Na yi shiru daga nan. Da na so in kwashe mata labarin daren duka, da kukan da na yi, da kuɗin kowane magani, na hana kaina. In labari ya yi tsawo sai ya zama kamar kana neman a yafe maka kuɗin ne, ni kuwa jinkiri na zo nema.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce: "Ƴar nan, shekara shida kina gidan nan. Yaron da nake aike ya sayo mani goro, a bakin mai tallan koko zan ji an yanka cikinsa? Kina ganin ban ga wucewarki ba?" Na sunkuyar da kai. Ta ce kuɗin hayarmu da su take sayen maganin hawan jini da biyan kuɗin pampo, ran 6 sai da ta aika wajen ɗanta neman na magani, abin da ya jawo maganar ma'aikacin ke nan. Wallahi wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Ina ganin mai gida kamar rijiya ce, ashe ita ma da ranar take lissafi. Da na zo ran 5 ko hannu wofi, da ta san yadda za ta yi.

Ta ce, "In ranar ta zo babu fa?" Na ce ina da tunkiya a ƙauye wajen yayata, in adashi ya ƙi zan sayar, kuma in na hango matsala za ta ji daga bakina kafin ranar. Na ciro takardar da na rubuta da Hausa, kwafi biyu: abin da na ba da, abin da ya rage, ranakun nan biyu. Hajiya ba ta karatun boko, jikarta ta karanta mata da ƙarfi, na sa hannu. Ta ce ita ba ta buƙatar takarda tsakaninta da ni, na ce ta ajiye saboda ɗanta. Ta sa ta ƙarƙashin matashi. Da zan tashi ta maido mani jika 1 daga cikin biyar ɗin, ta ce wannan ba na haya ba ne, in saya wa yaro madara, lissafi na nan yadda yake.

Ran Lahadi 23 mata bakwai suka kawo, da nawa jika 16. Ɗaya ta tafi gaisuwar rasuwa Tasawa, ɗaya ta ce sai gobe. A cikin jika 16 ɗin ma jika 2 na zubina rance na yi wajen maƙwabciya, dole in mayar a ranar, saura 14. Da na ce wa Hajiya ran 23, da na tsaya gabanta da gibin jika guda da wani sabon haƙuri. Litinin da magariba uwar adashi ta kawo cikon. Talata da safe, kafin ta gama kari, na miƙa mata jika 15, jikarta ta rubuta a bayan takardar.

Kuɗin ƙanena sun iso ran 2 ga Disamba, jika 6. Na Disamba na kai ran 14. Yaron ne ya riƙa mani kuɗin, yana tafiya a hankali yana dafe da ciki, Hajiya ta sa shi ya ɗaga riga ta ga wurin ɗinkin.