Karatu Kyauta a Jamus: Mu Yi Lissafin Zango Ɗaya Kafin Mu Sayar da Fili



Mu da ke riƙe da kwamitin ilimi na ƙungiyarmu a nan Legas, akwai maganar da muka saba ji idan yaro ya samu gurbin karatu a Jamus. Uba ko yayan yaron zai zo da fara'a ya ce, "Ai can karatu kyauta ne, kuɗin jirgi kawai muke nema." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma duk wanda ya ɗora tafiya a kanta zai sha wuya. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje lissafin a nan yadda muke yin sa tare da iyaye, kowa ya gani da idonsa kafin ya saka hannu a jarin shago ko ya ɗaga takardar fili.

Abin da yake gaskiya shi ne yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa, ko daga ɗan ƙasa ko daga baƙo. Amma ba ko'ina ba. Jihar Baden-Württemberg, inda Stuttgart da Heidelberg suke, tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, tun shekarar 2017. Jami'ar Fasaha ta Munich ita ma ta fara karɓa daga 2024, har abin da ya kai Yuro 4,000 zuwa 6,000 a zango ga masu digiri na biyu. Jami'o'i masu zaman kansu kuwa ba a maganar kyauta a wurinsu. Don haka tambayar farko da muke yi wa yaro ita ce: wace jami'a, a wace jiha, kuma me aka rubuta a takardar gurbin?

Ko inda ba a biyan kuɗin koyarwa, akwai kuɗin rajista na kowane zango, wanda za a gani a takarda da sunan Semesterbeitrag. Yawanci yana tsakanin Yuro 100 da 400, kuma a jami'o'i da yawa har da tikitin shiga motar haya da jirgin ƙasa a cikinsa. Sai an biya shi ake kammala rajista.

Abu na biyu da ke ɓata wa mutane lissafi shi ne tsawon zangon. Mu a nan mun saba da wata huɗu, a yi jarrabawa, yaro ya dawo gida ya ci tuwon gyatumarsa har a koma. A jami'o'in Jamus zangon hunturu daga 1 ga Oktoba yake zuwa 31 ga Maris, wata shida cur. Darasi kan ƙare a Fabrairu, amma jarrabawa da rubuce-rubuce sukan shiga cikin hutun, kuma mai gida ba ruwansa da hutu, hayarsa yake jira. Wanda ya ninka kuɗin wata sau huɗu ya riga ya zubar da kashi ɗaya cikin uku na lissafinsa tun kafin a tashi.

Bari mu ɗauki misali. A ce ƙaninmu ne, ɗan shekara ashirin da biyar, zai yi digiri na biyu a wani matsakaicin gari a gabashin Jamus, inda haya take da sauƙi kuma babu kuɗin koyarwa. Alƙaluman da za mu sa na kwatance ne, kowa ya musanya su da na garin da ɗansa zai je.

Mu fara da ɗaki, tunda shi ne babban rami. A tallar gidaje ana rubuta farashi iri biyu. Akwai Kaltmiete, wato hayar ɗaki zalla, akwai kuma Warmmiete, wadda ta haɗa da ɗumama ɗaki da ruwa da kwasar shara. Na biyun shi ne abin da zai fita daga aljihu, kuma ko shi wani lokaci ban da wutar lantarki. Mu ce ɗakin ƙaninmu 300 ne zalla, 380 da komai da komai. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun fi araha, sai dai layinsu dogo ne, ba ma sa farashinsu a lissafi sai yaro ya nuna mana takardar da ta tabbatar an ba shi.

Sai inshorar lafiya, wadda dole ce, ba a yi wa ɗalibi rajista ba tare da ita ba. Ga wanda bai kai shekara talatin ba, mu sa 140 a wata. Wanda ya haura talatin ya fita daga farashin ɗalibai, nasa lissafin daban ne. Abinci mu sa 230, da sharaɗin shi zai riƙa girki da kansa, yana sayen naman halal a shagunan Turkawa da Larabawa daidai ƙarfinsa. Layin waya da intanet da kuɗin rediyo da talabijin mu sa 35. Wannan na ƙarshen Yuro 18.36 ne a wata a kan kowane gida, ko da akwatin talabijin ko babu, masu zama tare sukan raba shi. Wanki da sabulu da aski da sauran ƙananan buƙatu mu sa 75. Idan aka haɗa, wata ɗaya ya tashi 860, wata shida kuma 5,160.

Littattafai ba su da nauyi kamar yadda iyaye suke zato, domin ɗakin karatun jami'a yana ba da aro, malamai kuma suna saka darussansu a intanet. Yuro 120 zai ishi buga takardu da sayen littafi ɗaya ko biyu. Amma idan yaron ba shi da kwamfuta mai lafiya, a saya masa tun daga nan, a rubuta kuɗin a gefe. Da kuɗin rajista 300, zango ɗaya na yau da kullum ya kama Yuro 5,580.

Sai dai zangon farko ba irin sauran ba ne, yana da nasa kayan da ba a maimaitawa. Biza Yuro 75 ce, katin izinin zama da zai karɓa bayan ya isa kuma 100. Mai gida zai nemi kuɗin ajiya, wanda doka ta yarda ya kai hayar wata uku zalla. Mu ce na wata biyu ya nema, 600 ke nan. Za a dawo da su ranar tashi idan ba a yi ɓarna ba, amma yanzu dai sai an fitar da su. Rigar sanyi ta gaske da takalmi da bargo da tukwane mu sa 350, domin wanda ya sauka a Oktoba hunturu ne zai tare shi, kuma ba irin na Kano ba. Buɗe asusun banki da kuɗin tura kuɗi 150, tikitin jirgi 700. Wannan ɓangaren ya tashi 1,975, zangon farko gaba ɗaya 7,555. Kullum muna ƙara kashi goma cikin ɗari saboda abin da ba a gani ba, kamar kwanakin masauki kafin a samu ɗaki. Mu ce 8,300.

A nan ne muke roƙon iyaye su natsu, domin abin da yaro zai kashe daban, abin da dole a tara kafin ya tashi daban. Kafin a ba shi biza sai ya nuna yana da abin da zai ci na shekara guda, kuma hanyar da aka fi bi ita ce asusun da ake kullewa, Sperrkonto. Daga Satumbar 2024 adadin ya zama Yuro 11,904, bayan a da yana 11,208. Tunda yana canzawa, a duba shafin ofishin jakadancin Jamus a makon da za a tura kuɗin. Asusun ba ya sakin fiye da 992 a wata, kuma ba ya fara saki sai yaro ya isa, ya buɗe asusun yau da kullum a can, abin da kan ɗauki makonni. Ma'ana, kuɗin rajista da na ajiya da na jirgi da abincin watan farko duk daga wani aljihun za su fito. Idan muka haɗa 11,904 da 300 da 1,975 da 860, sai mu ga ƙaninmu yana buƙatar kusan Yuro 15,000 a hannu kafin ya hau jirgi, alhali zangon nasa 8,300 ne.

Ga yadda muke gane ko lissafi zai ɗore. A ɗauki 992, a cire kuɗin wata. A misalinmu saura 132, a wata shida 792. Daga ciki zai sayi littattafansa, ya kuma biya rajistar zango na biyu, wadda ake nema tun wajen Janairu ko Fabrairu, kafin na farko ya ƙare. Wannan lissafin yana numfashi. Amma a ce Munich ce, ɗaki ya kai 700. Wata ya koma 1,180, ya haura abin da asusun ke bayarwa da 188, giɓin da ya wuce Yuro dubu a zango. Irin wannan ba ya nunawa ranar rakiya a filin jirgi. Sai a wata na uku waya ta fara zuwa da dare, yaro yana jin kunyar faɗa, uba yana zaton almubazzaranci ne.

Wasu kan ce ai zai yi aiki a can. Haka ne, doka ta ba ɗalibi baƙo damar aikin kwana 140 cikakku a shekara, ko rabin yini 280. Amma mu ba ma saka ko sisin wannan a zangon farko. Wanda bai iya Jamusanci ba, bai san gari ba, ga sabon karatu a gabansa, zai iya yin watanni bai samu aiki ba. In ya samu, alhamdulillahi, ya rage wa gida nauyin shekara ta biyu.

Sai a ƙarshe muke juya lissafin zuwa Naira, kuma da gangan muke barin sa ƙarshe. 'Yan'uwanmu masu sana'ar canji sun fi kowa sanin dalili. A farkon Yunin 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ta ƙare ta haura 1,500. Iyalan da suka ajiye kuɗin karatu a Naira a lokacin sun ga abin da suka tara na shekara ya koma na 'yan watanni. Idan muka ƙaddara Yuro a 1,700, zangon ƙaninmu ya haura Naira miliyan 14 kaɗan, abin da za a tara kafin tafiya kuma miliyan 25 da rabi. Duk ƙarin Naira ɗari a kan Yuro yana ɗora dubu 830 a kan zangon nan. Saboda haka a rubuta lissafi da Yuro, kuma abin da aka ware wa karatu a canza shi da wuri ta halastacciyar hanya, kada a bar shi yana narkewa.

Shawararmu ga duk gidan da ke wannan shiri ita ce a zauna da takarda ɗaya mai layi uku: abin da ake biya kowane wata a ninka shida, abin da ake biya sau ɗaya a zango, da abin da zangon farko kaɗai yake ci. A gaban kowane adadi a rubuta inda aka samo shi, takardar jami'a ce, ko tallar ɗaki, ko bakin wani ɗalibi da ke zaune a garin. A ƙasa kuma a rubuta sunan wanda zai sake cika asusun idan shekara ta zagayo, domin wajen sabunta izinin zama hukuma takan sake neman shaidar abin da ɗalibi zai ci. Idan wannan wurin ya zauna babu suna, gara a jinkirta tafiyar zango ɗaya a ƙara shiri.

Duk wanda ɗansa ko ƙaninsa ya samu gurbi, ya kawo mana takardun ranar taron wata, mu zauna mu buga lissafin tare. Allah Ya sa wa karatun yaranmu albarka, Ya hore wa iyaye abin ɗawainiya. Amin.