Yadda Na Wanke Ruwan Ɗorawa Daga Bidiyon Bikin Yayata

Ranar walimar Yaya a Barnawa, ni aka ɗora wa ɗaukar bidiyo da waya. Washegari da ta kalla, sai ta ce, "Haba ƙanina, ka mai da ni kamar mai ciwon shawara!" Gaskiya ta faɗa. Fuskarta da bango duk sun koma ruwan ɗorawa, kuma ba a maimaita biki.

Daga hasken falon matsalar ta taso. Kowane haske yana da launinsa, wanda ake aunawa da Kelbin. Ƙwan lantarki mai jan haske yana wajen 2,700 zuwa 3,000, hasken rana da tsaka kuwa wajen 5,500. Idonmu yana daidaita wannan bambanci da kansa, amma kyamara cinta take yi. In ta zaci rana ce alhali ƙwai ne, hoto zai yi ɗorawa. In ta zaci akasin haka, ya yi shuɗi.

Na buɗe bidiyon a manhajar DaVinci Resolve, na shiga shafin Color. Akwai ɗan tsinken da ake dangwalawa a kan abin da aka tabbata fari ne, sai manhajar ta daidaita sauran launuka da shi. Nan na yi kuskure sau biyu. Da farko na dangwala leshin amarya, ashe shi ruwan madara ne, sai kowa ya koma shuɗi-shuɗi. Na koma kan farar rigar Baba, wadda aka wanke da bula, sai ɗorawar ta ƙi fita duka. Farin farantin tangaran da ke kan tebur ne ya cece ni. Shi ma gefensa na zaɓa, domin inda yake ƙyalli hasken ya ƙone launin, babu abin aunawa.

Ban yarda da idona kaɗai ba, don ido yana saurin sabawa. Na buɗe ma'aunin Parade, mai nuna ja da kore da shuɗi a jere. A kan abu fari, ya kamata ukun su yi kai ɗaya. Na ga shuɗi na ƙasa kaɗan, sai na ja Temp zuwa hagu har suka daidaita. Kore-koren da ya rage na cire da Tint.

Wuri ɗaya ya gagare ni, inda Yaya ta zauna kusa da taga. Rabin fuskarta hasken rana, rabi na ƙwai. In na gyara wannan ɓangare, wancan ya ɓaci. Dole na zaɓi ɓangaren da ya fi fitowa, na haƙura da sauran.

Da ta sake kallo, ta ce, "Yauwa, yanzu na ga kaina." Tun daga ranar, duk ɗakin da zan yi ɗauka, sai na fara ɗaga farar takarda a gaban kyamara na daƙiƙa uku.