Kasetocinmu na cikin kwali, muna neman masu zama

Takardar da daraktanmu ya rubuta, wadda muka karanta muku a iska sau biyu, ta jawo tambayoyi. Wasu sun ɗauka kuɗi ake nema. A'a. Mutane ake nema, waɗanda za su zo su zamna su taya mu juye tsoffin kasetoci cikin ordinatar tun ba su mutu ba.

Mu ma da muka buɗe kwalayen jikinmu ya yi sanyi. Ƙura, kashin ɓera, zafin rufin kwano na shekara da shekaru. A ciki kuwa akwai hira da dattawan da yau ba su da rai, akwai kiɗan buki, akwai muryar masu garka na bakin tabki suna zancen dabino da rake.

Abin da ya sa darakta ya ce sai da 'yan sa-kai shi ne kaset ba ya yarda a yi mishi gaggawa. Waƙa a waya, ƙiftawa da bismilla ka tura ma abokinka. Shi kaset sai an kunna shi ya tahi da tahiyarshi daga farko har ƙarshe. Wanda aka rubuta ma C90 minti 45 ne kowane gefe, awa ɗaya da rabi ke nan, in an haɗa da dubawa da rubutu ya kai awa biyu. Kaset goma, awa ishirin. Mu kuwa ga labarai ga sanarwa ga gaishe-gaishe, ina za mu samu wannan lokaci?

Bari mu ba ku labarin guda ɗaya da muka gwada. Ba komi a jikinshi sai "hira, fari 84" da jan bik. Kafin komi muka ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na samanshi, don ko hannun wani ya kuskure ya danna `REC`, rakoda ba za ta goge shi ba. Sannan muka sa bik a rami muka juya a hankali. Ya yi tauri. Da mun jefa shi cikin rakoda a haka, da ta cinye zaren, kuma kaset irin wannan kunnawar farko kan iya zama ta ƙarshe. Muka kwance 'yan kusoshinshi biyar, muka maida zaren cikin gidan wani kaset mai lafiya. A nan ne muka ga ɗan audugar da ke danne zare a kan bakin rakoda ya faɗi tuni. In babu shi, murya takan fito dusu-dusu kamar mai magana cikin tulu.

Ko da sabon gida muryar ba ta washe ba. Muka goge bakin rakoda da robar da ke jan zare da alkol na farmasi, audugar ta fito ja wur. Sannan muka ɗan murɗa kusar da ke gefen bakin da ƙaramin turnabis, muna saurare, har "s" da "sh" suka fito tas. Sai ga dattijo yana ba da labarin yadda ya sayar da awakinshi a farin 1984 don tiya kaɗan ta hatsi. Ɗakin ya yi tsit.

Sauran aikin ba wuya. Waya daga `LINE OUT` ta rakoda zuwa `LINE IN`, kada a sa ta ramin makirfo, sauti ya kan fashe. Muna ɗauka da Audacity, kyauta ne, muna ajiyewa a `WAV`. Ya fi `MP3` nauyi nesa, amma shi ne uwa, daga gare shi ake ciro na turawa a waya. Kuma ban da rakoda mai pil da ya fara sanyi: tana jan zare a hankali, sai ka ji yarinya ta koma gardi. Ajiya wuri biyu, ɗaya ba a gidan rediyo ba.

Inda muka maƙale shi ne nan: wannan dattijo, ba mu san ko wane ne ba. Wanda ya yi hirar bai ambaci sunanshi ba, mu kuma a 1984 ba a ma haife mu ba. Shi ya sa, in kun lura, takardar ba 'yan lakwal kaɗai ta kira ba. Yaro zai danna ordinatar, amma sai baba ko inna sun zamna kusa da shi su ce wannan muryar wane ce, ɗan unguwa kaza, wannan kiɗan bukin wance ne. In an ji maganar da ta shafi sirrin wani gida, ba za mu sa ta a iska ba sai mun tambayi iyalin.

Mai so ya zo gidan rediyo ya ba da sunanshi da ranar da yake da awa biyu. Mai kaset a ƙasan adaka, don Allah kada ya gwada shi a gida, ya kawo mana shi yadda yake. Ran Asabar bayan la'asar za mu sa minti biyu na muryar dattijon nan, wanda ya gane ta ya kira mu.