Katan 12 ko 125?

Kowane ƙarshen Disamba mukan rufe shagonmu na gado a Kasuwar Kure yini guda, mu ƙirga kaya. Bana ma mun ƙirga, muka ɗauki hoton takardar da waya, muka tura wa Yaya a Kano, shi da ke fitar da rabon kowa.

Da dare sai ga kiransa: "Wai ina ribar nan take shiga? Sabulu kaɗai ya haura miliyan uku!"

Gabanmu ya faɗi. Muka ɗauko takardar. Ashe mun rubuta 12/5, wato katan 12 da ƙwaya 5, amma hoton ya dushe, karan tsakiya ya ɓace, ya karanta katan 125. Rasit ne ya raba gardama: katan 40 kacal muka saro duk shekara.

Washegari muka sake lissafi layi-layi. Ba kuɗin sayarwa muka sa ba, kuɗin sari ne, na rasit ɗin ƙarshe, tunda tsohon kaya muke fara sayarwa. Katan ya zo mana a ₦24,000, mota da dako ₦960, jimla ₦24,960. Ƙwaya 48 ce a ciki, kowace ta tashi ₦520. Katan 12 da ƙwaya 5 sun zama ƙwaya 581, kuɗinsu ₦302,120.

Yaya ya ce, "Ku yafe ni, na zarge ku."

Yanzu katan da gidansa a takarda, ƙwaya da nata. Kafin mu tura hoto kuma, sai wanda bai yi rubutun ba ya karanta mana shi daga wayar.