Lambar da ke Wuyan Jallabiya

'Yan uwa na Zango da waɗanda aikin ZACA ya watsa zuwa Waga 2000 da Niyoko tun shekarar 2003.

Duk shekara idan alhazai suka sauka, tsarabarsu takan bar aiki a shagunan telolinmu: jallabiya da ke sharar ƙasa, abaya da ta tsaya a ƙwauri, hannun riga da ya haɗiye yatsu. Mai tsaraba ba rowa ya yi ba. Ya dubi lambar da ke wuyan rigar ne ya karanta ta da idon Wagadugu. Mu nan mun saba da lambar Faransa, irin 40 da 42 da 44, wadda ke nuna kaurin jiki. Lambar jallabiyar Makka kuwa, 52 ko 56 ko 60, tsawon rigar take faɗi, daga kafaɗa kusa da wuya zuwa bakin ƙasa, kuma da inci ake ƙirga ta. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne da ɗoriya kaɗan. Saboda haka 52 kusan santimita 132 ce, 56 kuma 142, 60 kuwa 152. Faɗin jiki yana da tasa alamar daban, galibi harafi a gefen lambar. Abayar mata ma haka ake lambarta.

Lissafin da nake yi wa masu tafiya ba shi da wuya. A cire santimita talatin daga tsawon mutum, wato kai da wuya a sama da abin da ke ƙarƙashin idon sawu, sannan a raba sauran da 2.54. Mai santimita 165 zai faɗa tsakanin 52 da 54, mai 175 tsakanin 56 da 58, mai 185 tsakanin 60 da 62. Namiji ya ɗauki ta ƙasa, mace ta ɗauki ta sama. Dalili kuwa mun karance shi a zaure: Risala ta Ibnu Abi Zaid ta hana namiji jan tufafi a ƙasa don girman kai, ta kafa masa iyaka a idon sawu, hadisi kuma ya ba mace sassaucin sakin taƙi guda, har zuwa kamu ɗaya, domin rufe ƙafa. Kiyasi ne kawai, domin wuyan wani ya fi na wani tsawo, kuma mai tumbi rigarsa takan ɗage ta gaba, sai ya ƙara lamba ɗaya.

Za a ce to mene ne abin damuwa, ai akwai almakashi. Nan ne na fi son mu tsaya. Dattijon da nake riƙe wa alƙalami tsawonsa 165 ne cif. Wata shekara aka kawo masa farar jallabiya mai lamba 58, irin mai tsayayyen wuya da maɓalli a hannu. Tsawonta 147, shi kuwa 132 yake sawa, sai tela ya rage santimita goma sha biyar a ƙasa, ya naɗe baki da kyau. Da Baba ya sa ta, ƙasa ta yi daidai, amma rigar ta ƙi zama tasa. Aljihun gefe ya sauka, sai ya karkata kafaɗa kafin ya kai ga tasbaharsa. Tsagar maɓallan gaba ta kusa cibiya. Hannu ya wuce wuyan hannu ya rufe bayan tafi. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan rigar mai ita bai zo ba tukuna." Gaskiyarsa. Wanda ya yanka ta ya raba tsawon dogon mutum ne a ko'ina cikin rigar, mu kuma wuri ɗaya muka rage.

Hannun ne ya fi cin aiki. Da sakakken hannu ne irin na kaftani, da yanka da naɗi sun isa. Mai maɓalli kuwa sai an farke bakin, an rage, an ɗaga tsagar da ke bayansa, sannan a mayar. Idan akwai surfani a bakin hannu, ragewar daga kafaɗa ake yi, wato a cire hannun ɗungurungum a sake dasa shi, kuma ba kowane tela ke yarda ya taɓa wannan ba. Aljihun gefe kuwa a cikin ɗinki yake, ana iya ɗaga shi, amma tsagar gaba sai haƙuri. A ganina ragin da bai wuce lamba ɗaya ba, santimita biyar, ba ya ɓata riga. Idan ya kai lamba uku, gara a ba da ita ga wanda ta dace da shi.

Dogo ya fi gajere shan wahala, domin abin da babu shi ba a yanko shi. Naɗin bakin jallabiya ɗan kaɗan ne, ko an warware shi abin da za a samu bai taka kara ya karya ba, kuma tsohon layin guga yakan fito fili a farin yadi. Hannun dogo ana gwada shi a miƙe gaba, kamar mai riƙe da kan moto. Idan ya janye ya bar agogo a waje da nisa, ya gaza.

Turawa sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke raba kayan kanti aji uku: na gajeru, na matsakaita, na dogaye. Muna cin karo da alamominsu a tarin yugu-yugu, muna wucewa. Harafin P a rigar mace ya fito ne daga kalmar Faransanci mai nufin ƙarama, abin da ke sa 'yan matanmu masu lakwal su ɗauka ta siririya ce. Ta gajera ce, mai kusan santimita 163 zuwa ƙasa, ko da mai jiki ce: an ɗaga ƙugun rigar, an rage hannu, an matso da kafaɗa. Harafin T na doguwa ne. A kwat ɗin maza, 40S da 40R da 40L duk ƙirji ɗaya ne, tsawon jiki da na hannu ne suka bambanta, kuma wannan L ɗin ba shi ne L mai nufin babba ba.

Wando ma yana ɗauke da lamba biyu. W32 L34 na nufin ƙugu inci 32, ƙafa ta ciki inci 34, daga hantsa zuwa baki, kusan santimita 86. L30 kuwa 76 ce, L32 kuma 81. Telolinmu daga ƙugu suke awo ta waje, don haka awonsu ba ya haɗuwa da wannan lamba. Mai son sanin tasa ya shimfiɗa wandon da ke yi masa daidai, ya auna ɗinkin ciki. Mutum biyu masu tsawo ɗaya kan bambanta a nan, wani ƙafa ce ta yi masa tsawo, wani gangar jiki. Idan aka datse wandon dogo aka ba gajere, hantsar takan rataya tsakanin cinyoyi, baki kuma ya yi faɗi fiye da ƙima, tun da an yanke shi a inda ƙafar wandon ba ta gama tsukewa ba.

Sai 'yan uwa mata. Sassaucin sakin baki yana nan, amma garinmu garin moto ne, kuma bakin abaya mai ja yana iya shiga sarƙa ko ƙafar baya, ban da jar lakar damina. A gwada ta da takalmin da za a riƙa sawa, a tsayar da baki inda ya rufe bayan ƙafa bai taɓa ƙasa ba. Idan akwai ado na duwatsu a ƙasan, kada tela ya yanke shi. Ya farke zirin adon, ya rage yadin daga samansa, ya mayar da shi.

Wanda zai yi saƙo bana ya rubuta wa alhajinsa abu uku a takarda: tsawon riga daga kafaɗa, tsawon hannu daga kan kafaɗa zuwa ƙashin wuyan hannu, da kewayen ƙirji, kowanne da santimita da kuma inci, domin mai shago a Makka da inci zai duba.