Kuskure Iri Ɗaya Tambaya Ce, Ba Hukunci Ba

Idan na duba sakamakon jarrabawar zaɓi-amsa, ba na damuwa da ɗalibai biyu da suka dace a amsoshin daidai. Duk wanda ya yi karatu can zai nufa. Kurakuransu nake bi.

A ce ɗalibai biyu a wata sakandare a Rano sun faɗi tambayoyi goma iri ɗaya, kuma a kowace sun zaɓi harafi guda. Tambaya mai zaɓi huɗu tana da amsoshin kuskure uku, don haka in da canke suka yi, dacewa sau goma a jere sai sau ɗaya cikin 59,049.

Sai dai ɗalibai ba canke zalla suke yi ba. Wani kuskuren ya fi jan hankali, musamman in malami guda ya koyar da shi. In damar dacewa ta kai rabi a kowace tambaya, lissafin ya sauko zuwa ɗaya cikin 1,024. Ɗalibai 100 kuwa, in aka gwama su bibbiyu, za a samu gwami 4,950. Abin da ba kasafai yake faruwa ba zai iya ɓullowa.

Saboda haka nakan nemi takardun wata makaranta, a ce ta Kibiya. In kuskuren ya bayyana a can ma, to tambayar ko takardar amsoshi ce abar tuhuma. In babu, sai in duba tsarin zama: kusa da juna suka zauna?

Ko a lokacin, rahotona lamba yake ɗauka maimakon suna, ya ce “a sake dubawa”. Lissafi yana nuna kamanni. Bai ga wanda ya leƙa takardar wani ba.