Takardar Inna da layi biyu da suka hana mu barci

Yau labarin gidanmu muka kawo, kuma sai da muka nemi izinin mai shi. Ta ce mu faɗa, in dai zai amfani wata.

Innarmu ce, ƙanwar mahaifiyarmu, shekarunta 44, ƴaƴa bakwai. Ta je awon bakin mahaifa, irin wanda ungozoma ke shafa wani ruwa mai tsami kamar binegar, in akwai matsala wurin ya yi fari. Nata ya yi fari. Aka tura ta wurin likitan mata, ya tsinki ɗan nama da bai wuce ƙwayar gero biyu ba, ya jefa a kwalba, aka aika Yamai. Wannan tsinkar nama ita ake kira biyofsi. Bayan sati uku sakamako ya fito, ɗanta ya ɗauki hoton takardar ya turo mana a salula wajen ƙarfe goman dare, don mu ne "masu faransanci" a gidan.

Mun tsallake duk bayanin sama, muka tafi ƙasa inda ake rubuta hukunci. Ga abin da ke kan allon wayar:

```
Dysplasie sévère (CIN 3).
Absence de signe d'invasion sur ce prélèvement.
```

Gaskiya za mu faɗa, kalma biyu kawai idonmu ya gani: wadda ke nufin "mai tsanani" da wadda ke nufin "mamaya". Kalmar farko ta layi na biyu, wadda ke cewa babu, ba mu ma lura da ita ba. Muka kira Kawu. Kafin asuba rabin dangi sun ji cewa Inna tana da kansa, Kawu kuma ya fara maganar a mayar da ita ƙauye a nemi na gargajiya, tunda a cewarsa wannan ciwo in ƙarfe ya taɓa shi sai ya ƙara haukacewa. Laifinmu ne. Faransancin lakwal ya ishe mu karanta labarai a rediyo, amma wannan takarda likita ne ya rubuta wa ɗan'uwansa likita.

Kwana biyu bayan haka muka raka ta randebu. Likitan ya karɓi takardar, ya dubi Inna ya ce: "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wannan ba kansa ba ce tukuna, amma kuma ba abin bari ba ne." Sai ya juya bayan wata ardinansi ya yi mana zane.

Ya ce mu ɗauka fatar da ta rufe bakin mahaifa kamar tubali ne da aka jera sahu-sahu bisa daɓe. Tubalin su ne ƙananan ƙwayoyin jiki, daɓen kuma wata siririyar shimfiɗa ce da ta raba fatar da naman da ke ƙarƙashi. Disfilazi, kalmar farko ta takardar, tana nufin tubalin sun fara lalacewa: siffarsu ta canza, jerinsu ya hargitse. In lalacewar ta tsaya a kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, ana rubuta CIN 1, kuma mafi yawan irin wannan jiki da kansa yake gyara shi, sai dai a riƙa dubawa. In ta kai kashi biyu cikin uku, CIN 2 ke nan. In ta wuce haka har ta kusa cinye kaurin fatar ko ta cinye shi duka, shi ne CIN 3, na Inna. Abin da ke jawo shi kusan kullum wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV, wadda mutane da yawa kan ɗauka a rayuwar aure, ta zauna shekaru ba tare da an sani ba. Mun ji daɗin da ya faɗi wannan a gabanta, don kar ta ɗauka wani abin kunya ne.

To ina maganar mamaya? Nan ne ya danna biro a kan layin daɓen. Ya ce muddin lalatattun ƙwayoyin suna sama da wannan layi, ba su da hanyar fita, domin a cikin fatar babu jijiyoyin jini, babu magudanan ruwan jiki da za su ɗauke su zuwa wani wuri. Ranar da suka fasa daɓen suka shiga naman ƙasa, ranar ce aka samu kansa mai mamaya, wadda ke iya kaiwa ga kaluluwa da sauran gaɓoɓi. Layi na biyu na takardar cewa yake ba a ga alamar sun fasa ba. Wato abin da ya hana mu barci shi ne labari mai daɗin da ke cikin takardar.

Ya kuma gargaɗe mu da wata kalma da wasu dakunan bincike ke rubutawa a irin wannan hali, karsinom in situ. Duk wanda ya ga karsinom zai firgita, amma in situ ɗin yana nufin yana nan wurinsa, bai fasa daɓe ba. A bakin mahaifa, shi da CIN 3 aji ɗaya ake sa su.

Kawu, da ya biyo mu, ya ce: "To Dokta, tunda ba kansa ba ce, a bar ta mana." Likitan ya ce a'a. In an bar CIN 3 ba magani, kusan mace uku cikin goma sukan kai ga kansa mai mamaya a tsawon shekaru talatin, kuma ba mai iya nuna wace ce a cikin goman. Sannan ya nuna mana kalmomi uku na ƙarshen layin, masu nufin "a kan wannan ɗan naman". Ya ce mai dubawa abin da aka kai masa kawai yake gani. Ɗan tsinke ne daga wuri mai faɗi, kuma yana yiwuwa gefensa akwai abin da ya fi shi muni. Saboda haka za a yanke wurin duka, a sake aikawa.

Bari mu ɗan ratse, domin a ranar wata maƙwabciyar Inna ta ba mu tata takardar mu tambaya mata. Budurwa ce, an cire mata wani ƙullutu a nono. Tata ta ce fiburo'adenom, tare da kalmar da ake furtawa kamar sunan ƙasar Benin. Benan yana nufin ƙari mai zama wurinsa, wanda ba ya mamaye nama kuma ba ya yaɗuwa. Kishiyarsa malan, wato mugu, shi ne kansa. A kunne sun yi kama, shi ya sa ba ma son a karanta wa mutum sakamako ta waya inda rezo ke yankewa. Kuma mu da muka san malan a lakwal da ma'anar mai wayo, a wannan takarda ba yabo ba ne. Likitan ya ƙara da cewa benan ba ya nufin a manta da shi a kowane hali: ƙari marar mugunta ma yana iya girma ya danne wani abu ko ya sa zubar jini. Disfilazi kuwa tana tsakanin biyun, ba ta zama kansa ba amma tana kan hanyar.

Aikin Inna bai kai rabin awa ba. An yanko naman bakin mahaifa mai siffar mazurari, aka bar mata mahaifarta, ta kwana gida. An ce ta yi kamar wata ɗaya ba tare da kusantar maigida ba, kuma in jini ya yi yawa ko zazzaɓi ya zo ta komo nan da nan.

A wannan karon mun tambayi dalilin daɗewar sakamako. Ashe naman sai an jiƙa shi cikin farmol don kar ya ruɓe, a daskarar da shi cikin kakin farafin, a yayyanka shi siriri fiye da fatar albasa, a rina, kafin likitan da ya ƙware a wannan fanni ya duba a madubin da ke ƙara girman abu. Mu ƙara da hanya, da layin masu jira. Wani abu da ya kamata duk mai rakiyar marar lafiya ya sani: in an ba ka kwalbar ka kai da kanka, ka tabbata naman ya nutse cikin ruwan, sunan da ke jikin kwalbar daidai yake da na takarda, kuma kar a sa ta a firiza.

Sakamako na biyu ya zo bayan kwana 24. Mun karanta shi daga sama har ƙasa, a hankali. Sashen farko ya bayyana abin da ido ya gani: nama mai tsawon milimita 15, da zare da likita ya ɗaura a gefe ɗaya don a gane sama da ƙasa. Na biyu abin da aka gani a madubi. Sai hukunci:

```
CIN 3. Pas de carcinome infiltrant.
Marges exocervicale et endocervicale saines.
```

Anfiltiran ɗin nan ɗan'uwan mamaya ne, ma'anarsu ɗaya, kuma an ce babu. Layi na biyu shi ne na gefuna. Kowace mace da ta taɓa yanke ruɓaɓɓen gefen mangwaro ta san abin: ba a kan baƙin kike sa wuƙa ba, sai kin haɗa da ɗan mai kyau, sannan ki dubi inda kika yanka. Haka suke yi. Kafin a yayyanka naman ana shafa tawada a duk inda wuƙa ta bi. In a madubi lalatattun ƙwayoyi ba su taɓa tawadar ba, sai a ce gefuna lafiya. In sun taɓa, ana rubuta cewa gefen ya kamu, ma'ana wataƙila an bar saura a jiki, sai a matsa sa ido ko a sake yanka. Gefe biyu aka ambata a takardar Inna, na waje da na cikin maƙogwaron mahaifa, kuma na cikin ya fi damun likitoci domin ba a ganinsa da ido lokacin awo.

Inna ta ce: "Dokta, shi ke nan na warke?" Ya ce: "Hajiya, abin da muka gani mun cire shi duka. Amma ƙwayar cutar da ta kawo shi tana iya kasancewa, don haka bayan wata shida ki dawo mu duba, kuma za mu ci gaba da dubawa shekaru." Ya ce da lafiyayyun gefuna dawowar ciwon ba ta da yawa, sai dai takan faru.

Kawu bai ce komai ba sai da muka fito. A bakin ƙofa ya ce mana: "Kai ɗan nan, gobe in ka ga takarda, ka karanta ta duka kafin ka tashe ni da dare." Mun yi fotokofi biyu na kowace takarda, domin duk likitan da zai gan ta nan gaba sai ya nemi ganinsu. Na asali suna cikin leda a ƙasan akwatin Inna, kuma a bayan ambulan ɗin ƴarta ta rubuta ranar komawa da manyan baƙaƙe.